Ƙwayar yashi ɗaya ta cinye mini wuni

Talata, da daddare

Da ido ɗaya nake wannan rubutu, domin na hagu ya sha man shafawa, komai dishi-dishi nake gani da shi. Da safe na hau babur zan je Dawanau, ga hazo ga iskar hunturu, kuma na manta tabarau a aljihun rigar jiya. Na wuce gada kenan sai ga tifa shaƙe da yashi ba a rufe ba, iska ta kwaso ta watso mini a fuska. Na tsaya a gefen titi na runtse ido. Na dama ya yi hawaye ya washe cikin minti biyu. Na hagu kuwa kamar an zuba barkono.

Abin da na fara yi shi ne abin da bai kamata ba, na sa bayan yatsa na murza, na sake murzawa. Wani mai faci da ke wurin ya taso ya ce, “Malam, buɗe in hura maka.” Na buɗe, ya hura sau uku har da feshin yawu. Bai fitar da komai ba. Na yi masa godiya dai, don da zuciya ɗaya ya yi, na juyo gida a hankali hawaye na bin kumatu.

A gida kowa ya zama likita. Hajiya ta ce a kira maƙwabciyarmu mai goyo ta ɗiga mini nono, haka aka yi musu suna yara. Maiɗakina ta ɗauko tozali, wai yana janyo datti zuwa gefe. Ƙanena ya riga ya naɗa auduga a tsinken ashana yana jira. Ni kuma na kira Yaya, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya a sashen ido. Tambayarta ta farko, “Ka murza?” Na ce kaɗan. Ta ce, “Babu kaɗan a murza ido. Ka ɗauke hannunka, kuma kada kowa ya sa maka komai sai ruwa.”

Ta waya ta jagorance mu. Maiɗakina ta wanke hannu da sabulu, muka ɗauko fiya wata leda biyu, tunda ba mu da ruwan gishirin asibiti irin na ƙarin ruwa, wanda Yaya ta ce shi ya fi. Ta hana a yi amfani da ruwan randa ko butar alwala. Na zauna a tabarma, na kwantar da kaina ɓangaren hagu yadda idon da ke ciwo zai zama a ƙasa, don kada abin da aka wanko ya gangara cikin mai lafiyar. Na buɗe fatar idon da yatsu biyu, ita kuma ta huda ledar tana tsiyaya ruwan a hankali daga gefen hanci yana fita ta gefen kunne. Ina juya ƙwayar idon sama, ƙasa, dama, hagu, ina ƙiftawa. Ba matse ledar ake yi da ƙarfi ba, tsiyaya ce kawai. Sai da leda biyun suka ƙare.

Sai ta ce in kama gashin idon na sama, in ja fatar gaba kaɗan in sauko da ita a kan ta ƙasa, in saki. Wani lokaci gashin ƙasan yana share abin da ya maƙale a bayan ta sama. Na yi sau biyu. Raɗaɗin ya ragu, amma duk ƙiftawa ina jin wani abu yana kartar ni a wuri ɗaya, can sama.

Na ce a ƙaro ruwa. Yaya ta ce a'a, in jira awa ɗaya, in bai daina ba in tafi asibiti. Bayaninta shi ne, idan an wanke ido sosai kuma mutum yana ci gaba da jin tsakuwa, ɗayan biyu ne: ko ƙwayar tana manne a bayan fatar sama inda ruwa bai kai ba, ko ta riga ta fita amma ta bar ƙarzuwa a kan tantanin nan mai haske da ya rufe baƙin ido. Kaurinsa bai wuce rabin milimita da ɗan abu ba, ga jijiyoyi cike da shi, shi ya sa 'yar ƙarzuwa take jin kamar dutse. Kuma mai idon ba zai iya bambance biyun da kansa ba. Nan mutane ke ɓata abu, su yi ta tono da bakin hankici suna neman abin da babu shi.

Bayan azahar ƙanena ya kai ni asibiti. Ma'aikacin da ya duba ni ya fara sa ni karanta haruffan allo, ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗiga maganin kashe zafi, cikin daƙiƙu kaɗan na ji kamar ba ni ba. Ya taɓa gefen idon da wata 'yar takarda mai rinin ruwan lemo, fulorasin, ya haska shuɗiyar fitila. Ya ce wa ƙanena ya matso ya gani: layuka sirara a tsaye, kore shar, a saman baƙin idon. “Ka ga waɗannan? In suka tsaya haka daga sama zuwa ƙasa, abin yana bayan fatar sama, duk ƙiftawa yana zana layi.” Ya ce in kalli ƙasa, ya juye fatar a kan tsinken auduga, ya ɗauke ta. Ya nuna mini. Wallahi ba ta kai ƙwayar gero ba, ko kusa, sai da na ƙura na dama kafin na gan ta. Ya ce murzar da na yi ce ta ƙara yawan layukan.

Na roƙe shi ya ba ni maganin kashe zafin in tafi da shi gida. Ya ƙi. Ya ce yawan ɗiga shi yana hana tantanin warkewa, kuma mutum zai iya ji wa idon ciwo bai sani ba. Ya rubuta mini man kuloramfenikol mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ja kunnena kada in tsaya a kemis a ba ni ɗigon “jan ido”, domin da yawansu akwai sitiroyid a ciki, wato maganin rage kumburi, irin su dekzametazon. Ido zai yi fari kamar ya warke, alhali in ƙwayar cuta ta shiga ƙarzuwar, maganin ya ba ta filin zama gyambo, ƙarshenta hakiya. Na faɗa masa maganar nono da tozali, ya ce duk hanyar kai ƙwayar cuta ce cikin buɗaɗɗen rauni. Ban kawo wa Hajiya wannan a yadda ya faɗa ba.

Irin tawa, in ji shi, kwana ɗaya zuwa biyu take rufewa. Amma in gobe gani ya ragu, ko haske ya fi damuna, ko kwantsa ta yi yawa, ko aka ga farin ɗigo a kan baƙin idon, in dawo ba sai jibi ba. Da ya ji ƙanena yana aikin gini, ya juya wajensa. Ya ce siminti ba yashi ba ne, ƙona ido yake yi, in ya faɗa ido a fara zuba ruwa nan take, aƙalla minti 20, sannan a garzaya asibiti. Ɓarɓashin ƙarfe na masu walda kuma, ko wani abu da ya soke ido, ba a taɓa shi a gida sam.

Yanzu na shafa na dare. Har yanzu akwai ɗan kartar, kuma sau biyu na kama hannuna yana tafiya wajen idon da kansa. Hajiya ta leƙo ta ce da an bi tata da tuni na warke. Na ce to, Hajiya. Tabarau na ciro shi daga aljihun rigar jiya, na rataye shi a jikin makullin babur.