Abin da takardar canjin cila ta koya min a wani asibitin Gombe

Duk wanda aka ce ya rubuta wa shugabannin asibiti takardar neman canja cila, manyan injinan nan da ke sanyaya ruwan da ke zagaya gini, hankalinsa kan tafi kan kuɗin sabon inji. Ni kuwa da aikin ya faɗo kaina a wani asibiti a Gombe, sai na tarar kuɗi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ya ci min lokaci shi ne makonnin da ke tsakanin cire tsohon inji da kunna sabo, alhali ga marasa lafiya kwance, ga ɗakin tiyata da ba ya hutu.

Cila uku muke da su, masu fitar da zafi ta iska, kowace an rubuta mata tan 200 a jiki, wato ma'aunin ƙarfin sanyayawarta. Wannan lambar ta ranar da aka kawo su ce, kuma a zafin digiri 35 ake auna ta, mu kuwa Afrilu kan kai mu arba'in. Don haka kafin na rubuta ko layi ɗaya sai da muka auna. Lissafin ba wuya: litar ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, sau bambancin zafin ruwan da ya fita da wanda ya dawo, sau 4.19, ya ba ka kilowat. A Afrilu ruwa na fita a digiri 7 ya dawo a 12, lita 55 a daƙiƙa. Wato kilowat 1,150 da 'yan kai, in ka raba da 3.5 ka samu kusan tan 330. A Janairu, littafin ɗakin inji ya nuna bambancin digiri biyu da rabi ne kacal, nauyin ya sauka zuwa wajen tan 165.

Sai muka auna kowace cila ita kaɗai. Ta ɗaya kwamfaresa guda ya ƙone, tan 90 take bayarwa. Ta biyu 170. Ta uku 150, amma gas ɗinta na yoyo, mai ya yi baƙi-ƙirin a gindin mahaɗar bututu, kuma tana yanke kanta da rana tsaka in matsi ya hau.

Daga waɗannan lambobin tsarin aikin ya fito da kansa. In ka cire ta ɗaya a Afrilu, tan 320 suka rage maka a gaban nauyin 330, tun ba a je ko'ina ba ka gaza. In ka cire ta a Janairu, 320 ɗin nan na fuskantar 165 ne, kuma ko ta uku ta mutu da dare, ta biyu ita kaɗai za ta riƙe asibitin, da ƙyar dai. Saboda haka na rubuta cewa cila ɗaya za a canja a kowane hunturu: ta ɗaya tukuna, ta uku a hunturun da ke biye, ta biyu daga ƙarshe. Hunturun ma da nasa sharri, ƙura na toshe ragar da inji ke fitar da zafi ta cikinta, don haka wanke ragar sauran biyun da gyara yoyon ta uku suka zama sharaɗi kafin a taɓa komai.

Mataki na farko a takardar ba sayen inji ba ne, bawul ne, abin da ke buɗe ko rufe hanyar ruwa a bututu. Wannan shi ya fi ba shugabanni mamaki. Daraktan mulki ya ce, “Injiniya, mun ce ka kawo mana cila, ka kawo mana famfo?” Na ce, “Ranka ya daɗe, bawul ɗin da ke raba cila ta ɗaya da babban bututu ya yi shekaru ba a juya shi ba. Mun rufe shi, mun buɗe magudana, ruwa bai daina zuwa ba.” Ma'anar haka, ba za a iya cire inji guda ba sai an zubar da ruwan dukkan ginin. To gara a kashe komai sau ɗaya, na awa shida, a sa sabbin bawul ga kowace cila, a bar bakin bututu biyu a toshe don haɗa injin haya in ta ɓaci. Daga nan duk sauran aikin ana yin sa sanyi na tafiya.

Awa shidan nan su suka ci shafi mafi tsawo. Na zauna da babbar nas mai kula da tiyata, ta ce, “Ɗana, aikin da aka tsara ana iya ɗaga shi. Mai naƙudar da za a yi wa fiɗa cikin dare fa, wa zai ce mata ta jira?” Maganarta ta sa muka ware wuraren da ba sa jure zafi, ɗakin tiyata, ɗakin kulawa ta musamman, ɗakin gwaje-gwaje da ma'ajiyar magani, muka tarar nauyinsu bai wuce tan 70 ba. Ɗakin tiyata ana son sa tsakanin digiri 20 zuwa 24. Aka shirya ɗaki guda da na'urar sanyi mai zaman kanta don gaggawa, aka bar fankokin iska da matatunsu suna aiki, tunda ruwa kawai aka tsayar. Muka zaɓi daren Asabar a Disamba, daga sha ɗaya. Na rubuta sunan muƙamin mutum ɗaya da ke da ikon cewa a fasa, da kuma lokacin da in ya wuce ba a yanka bututu ba, a mai da ruwa a bari sai wani mako. Da an yanka ba komawa baya, don haka sabbin bawul, gasket, kusoshi da mai walda duk sai an gan su da ido a wurin tukuna. An kuma ware awa guda ta ƙarshe don cika ruwa da fitar da iska, domin iskar da ta maƙale a bututun saman bene kan bar ɗaki da zafi ko cila na aiki.

A ɓangaren kuɗi na guji lamba guda. Injin da dala ake sayen sa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin da ɗan kwangila ya bayar ba ya daɗewa. Sai na raba abin da ke bin dala da abin da ke naira: kuren ɗaga inji, bututu, wayar wuta, gyaran dandamali. Daga oda zuwa isowa Gombe watanni ne, in ana son inji a Disamba, kuɗi su fita kafin damina ta yi nisa. Na kuma sa kuɗin da zama da tsofaffin injina ke ci. Tsohuwar cila na cin wajen kilowat 1.5 kan kowane tan, sabuwa 1.1. A nauyin tan 150 na awa 12, bambancin yunit 720 ne a rana, wato naira 162,000 a farashin 225 da aka sa wa rukunin A na masu amfani da wutar lantarki a Afrilun 2024, a kan dizal kuwa ya fi haka. Ga gas ɗin R-22 da tsofaffin ke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka sa ƙasashe irin namu su kusan daina shi zuwa 2030.

Layi ɗaya na dage a bar shi duk da ya ƙara kuɗi: sabuwar cila ta zo da na'urar da ke tada kwamfaresa a hankali. Tsofaffin in suka tashi a kan janareta, wutar da suke fizga lokaci guda kan sa fitilun asibiti su yi ƙasa, kuma janaretan nan shi ke riƙe da injinan numfashi. Kwamiti ya amince da bawul da cila ta farko, sauran biyun aka ce sai an ga kasafin baɗi.