Talata, littattafai 58 da jan biro

Yau da na dawo daga masallacin asuba ban koma kwanciya ba, na jawo sauran littattafan insha'in 'yan aji biyu na baje kan tabarma a zaure. Jiya da daddare na yi makin 31 kafin fitilar sola ta dishe, saura 27. Yaran 63 ne a rajista amma biyar ba su kawo ba, kaka ce, ana roron wake, na san inda suke.

Batun da na ba su: "Ranar da na je kasuwa". Yawancinsu Maigatari suka rubuta, tunda kusan kowa a ƙauyukan nan na gefen Gumel ya taɓa bin babansa ko yayansa ranar Alhamis.

Abin da ya sa na canja yadda nake sharhi a ƙasan rubutu, wancan zangon ne wani yaro ya biyo ni har gindin darbejiya inda nake aje babur, littafinsa a buɗe, ya nuna min inda na rubuta "Ka ƙara ƙoƙari" ya ce, "Malam, a ina zan ƙara?" Wallahi ba rashin kunya ba ce, tambaya yake tsakani da Allah. Na karɓa na duba, sai da na sake karanta insha'in tun daga farko kafin ni kaina na samu amsar ba shi. To idan ni da na rubuta sai na sake karatu, shi ɗan shekara 13 ya zai yi da ita? Tun ranar na daina "Da kyau", "Ka kula da rubutunka", "Ba laifi". Yanzu kowane littafi abu biyu nake sawa: wuri ɗaya da yaro ya yi daidai, da lambar layin, sai aiki ɗaya tal da zai iya gamawa cikin minti goma ba tare da ya tambaye ni ba.

Kafin in taɓa biro sai na zazzaga duka da ido na kasa su kashi uku. Wannan karon ya kama 19 waɗanda har yanzu jimla ke ba su wuya, 30 na tsakiya, 9 masu ƙarfi.

Na kashin farko su suka fi cin rai. Ga na wani yaro mai zama can baya jikin taga, layi shida ne duka, haka ya fara:

"naje kasuwar maigatari da baba na mu ka saida akuya mu ka sayo kanwa da gishiri a hanya mai ya kare mu ka tura mashin har gida"

Idan zan bi ƙa'ida in ja wa kowane kuskure layi, a wannan ɗan guntun kaɗai akwai babban baƙi da bai sa ba a farko da kuma a sunan gari, "naje" da ya haɗe, "baba na" da "mu ka" da ya raba, "kare" maimakon "ƙare", ga babu aya ko ɗaya. Na ƙirga a layi shidan, kuskure 17. Da ne da shafin ya koma ja kamar an yanka kaza a kai, yaron ya rufe littafin ya cusa a jaka, shi ke nan. Amma ka duba, labarin nan ya jeru, an je, an sayar, an sayo, mai ya ƙare, an tura. Bai tsallake komai ba. Sai na rubuta masa da manyan haruffa ware-ware, don irin su ko sharhin ma sai sun haɗa baƙi:

"Na gane labarinka tun daga akuya har tura mashin. Aikinka: sa aya duk inda magana ta cika. Na sa maka ta farko a layi na 1. Nemo uku a layi na 1 zuwa na 3."

Sauran kurakuran na bar su. Ba don ban gani ba, na rubuta su a bayan rajistata, za mu zo kansu ɗaya bayan ɗaya. Na zaɓi aya ne don ita ce take sa mai karatu ya ɓace, "mu ka" a rabe kuwa ko ba daidai ba ne ana ganewa. Kuma dole ka yi masa ta farko da hannunka ka faɗa masa adadin da zai nemo, in ba haka ba ko dai ya sa ɗaya ya tsaya, ko ya yayyafa aya kamar mai shukar riɗi.

'Yan tsakiya matsalarsu daban ce, sun iya jimla, shafi ya cika, amma ka gama karantawa ba abin da ya zauna maka a kai. Wata yarinya ta rubuta layi 24 a dunƙule ba sakin layi, na ƙirga "sai" 14. Sai muka tafi, sai muka isa, sai muka ga. A tsakiya ta ce "kasuwa ta cika akwai abubuwa masu kyau da yawa". Nan na daɗe riƙe da biro, don ayyuka uku nake gani, sakin layi, yawan "sai", da wannan magana ta jimla wadda ba ta nuna komai, kuma ɗaya kawai zan ba ta. Sakin layi zan iya koya wa aji duka a allo tunda kusan rabinsu haka suke. Amma abin da ta gani da idonta ita kaɗai ta san shi. Na ja layi ƙarƙashin jimlar na rubuta:

"Layi na 5, inda kika ce ƙura ta sa kin rufe hanci da gyale, na ji kamar ina wurin. Aikinki: a layi na 12 kin ce 'abubuwa masu kyau da yawa'. Waɗanne? Goge wannan jimla ki rubuta biyu a madadinta, ki ambaci abu uku da kika gani, ɗaya ki faɗi launinsa ko kuɗinsa."

Yabon ma da dalili na ɗauko shi daga layi na 5, abin da nake nema a layi na 12 ta riga ta yi shi a can, ina nuna mata ne ta maimaita.

Wani ɗan tsakiyar kuma nasa: "Ka jera tafiya, ciniki, dawowa, ba ka cuɗa su ba. Aikinka: 'sai' ta fito sau 11. Zaɓi huɗu ka canja su da 'da muka isa', 'bayan nan', 'kafin', ko ka fara sabuwar jimla." Ban ce ya cire duka ba, labari a Hausa ba ya tafiya babu "sai".

Ƙarfe bakwai da rabi na ɗaure littattafan a bayan babur da roba. Guda takwas da suka rage na ƙarasa su a ofishin malamai. Minti uku-uku nake ba kowanne, 58 sau uku minti 174 ke nan, kusan awa uku, shi ya sa insha'i sau ɗaya nake bayarwa a sati biyu. Babban malaminmu na Turanci, dattijo ne, ya leƙo kafaɗata ya ce, "Malam, ka bar 'baba na' a rabe ba ka ja masa layi ba? Iyaye za su ce ba ka duba ba." Na ce, "Gaskiya ne Baba, shi ya sa na rubuta a sama: yau aya kawai na duba." Ya gyaɗa kai amma na ga bai gamsu sosai ba, ya ce a jarrabawa kowane kuskure ana cire masa maki. Haka ne kam. Ni dai gani nake yaron da ya gyara abu ɗaya duk sati biyu zai isa aji uku da abin da ya riƙe.

Masu ƙarfi su ne da nake zalunta da "Madalla, 17/20", su tafi ba su ƙaru da komai ba. Ta ɗaya a ajin ta buɗe da "Haƙiƙa kasuwa wuri ne mai matuƙar muhimmanci a rayuwar ɗan'adam", ta zuba karin magana huɗu, rubutu tsaf. Amma can a sakin layi na uku ta rubuta yadda dillali ya buɗe bakin tunkiyarsu ya duba haƙora sannan ya taya, babanta ya ce albarka ya juya baya kamar zai tafi. Na rubuta mata:

"Sakin layi na 3 ya fi ko'ina ƙarfi, saboda haƙoran tunkiya da 'albarka' ɗin babanki. Jimlarki ta farko kuwa kowa zai iya rubuta ta ko bai je kasuwa ba. Aikinki: sake gabatarwar ki fara da wani abu da kika gani ko kika ji. Cikin karin magana huɗu bar ɗaya, ki rubuta min a gefe dalilin da ya sa ita kika bari."

Bayan an dawo tara na shiga ajin. Monita ya raba littattafai, nan da nan aka fara "Malam babu maki!" Na ce maki yana rajista, sai wanda ya gama aikinsa zan faɗa masa. Na lura in dai lamba tana kan shafi ita kawai suke dubawa su leƙa ta maƙwabci, sharhin ko kallo bai ishe su ba. Na ɗauki minti biyar a allo kan abin da ya game kowa: babana, gidansu, muka, suka, yana, duk a haɗe, za mu, za su, a rabe, sai ƙugiya, na rubuta "mai ya kare" da "mai ya ƙare", "baki" da "baƙi", suka yi ta dariya. Sannan na ce kowa ya karanta jan biro ya yi aikinsa, minti goma.

A nan nake gane sharhin da ya yi da wanda bai yi ba, duk wanda ya ɗaga hannu ya ce "me zan yi?" to nawa rubutun ne bai fita ba. Yau bakwai suka ɗaga. Huɗu ba su iya karanta sharhin ba ne, na tsuguna na karanta musu. Uku kuwa na rubuta musu "ka inganta kammalawarka", da na sake gani na san gaggawar ofis ce ta sa, wannan ai "ƙara ƙoƙari" ce ta sake riga. Na karɓa na gyara a take: "Jimlarka ta ƙarshe ta ce 'sai muka dawo gida'. Ƙara ɗaya bayanta: me ka fi tunawa daga ranar?"

Yaron jikin taga ya samo aya biyu daidai, bayan "akuya" da bayan "gishiri", ta ukun ya sa ta bayan "a hanya". Na ce ya karanta min da ƙarfi, ya karanta "A hanya", ya tsaya, na ce a hanya me? Ya yi shiru, can ya goge da yatsa ya mayar da ita bayan "ƙare". Yarinyar nan mai "sai" 14 kuma ta rubuta raƙuma uku a durƙushe, da jan barkono tsibi-tsibi, da wata mai fura da ƙwarya fara sol. Ta ɗayan ta bar karin magana biyu, ta ce ta kasa zaɓa, na ce ta je gida da shi zuwa Alhamis.

Da la'asar biyu daga cikin biyar ɗin nan suka kawo littattafansu har gida, ƙaiƙayin wake duk a rigarsu. Littattafan suna nan kan tabarma, in sola ta yi caji zan duba su bayan isha'i.