Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sawun Namiji

Na ce wannan makon zan ba ku labarin shekarar da na fara aikin ungozoma, amma maganar Goggo ta ƙi barina. "Ƙafar namiji ba ta barin sawu." Haka ta faɗa ranar da mahaifiyar wata yarinya ta zo gidanmu tana kuka, ta ce Yaya ne ya yi wa 'yarta ciki. Yaya ya rantse bai san zancen ba, magana ta mutu a nan. Da dare ina jin Baffa da abokansa suna dariya, wai yaro ya zama namiji.

Bayan shekara biyu abin ya faɗo kan Auta, tana da shekara 17. Wata huɗu ta yi tana ɗaure ciki da ɗankwali, a na biyar ya ƙi ɓoyuwa. Aka cire ta daga makaranta, Inna ta daina fita don kunya, Yaya kuwa, shi ɗin dai, ya mare ta a gabana ya ce ta zubar mana da mutunci. Wanda ya yi cikin ya musanta, ya ƙarasa karatunsa lafiya lau. Na tambayi Goggo me ya raba laifin Auta da na Yaya, ta ce, "Ke yarinya ce. Ƙafar namiji ba ta barin sawu."

Na daɗe ina juya maganar. Abin da Goggo ta gani gaskiya ne ta fuska ɗaya: ciki a jikin mace yake fitowa, namiji kuwa musu kawai ya ishe shi. Amma mutane sun ɗauki wanda aka kama sun mayar da shi mai laifi shi kaɗai. Aya ta 2 a Suratun Nur ta ambaci mace da namiji tare, hukuncinsu ɗaya, kuma a aya ta 30 maza aka fara umarta da runtse ido kafin mata a ta 31. Duk mun karanta wannan a gidanmu, Yaya ma ya fi ni hadda.

Da na fara aiki, iyaye mata kan jawo 'ya'yansu ɗakin awo su raɗa mini, "Don Allah duba mini ita." Ban taɓa ganin wadda ta kawo ɗanta ba. Nakan zaunar da uwar in yi mata bayani: tantanin budurcin nan ba murfi ba ne, siririyar fata ce a gefen ƙofar, da hudarta tun haihuwa, in ba haka ba ta ina jinin al'ada zai fita? Siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, yana miƙewa, kuma mata da yawa ba sa jini a daren farko. Ido ko yatsa ba ya gane wadda ta san namiji. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a daina wannan gwajin, domin ba shi da tushe a ilimi. Wata uwa ta zage ni ta fita, 'yar tana bin ta tana rawar jiki. Har yau ina ganin idon yarinyar nan.

Goggo ba ta kai ga ganin sawun Yaya ba, ta riga mu gidan gaskiya. Matarsa ta shekara shida ba haihuwa, dangi suka sa mata suna juya. Ni na raka ta hoton mahaifa, aka ga bututun ƙwanta biyu duk a toshe. Ciwon sanyi, wanda likita ke kira gonoriya, a jikin namiji yakan nuna kansa cikin 'yan kwanaki, da zafin fitsari da mugunya. A jikin mace sau da yawa shiru yake yi, ya hau sama ya kumbura bututu, ya bar tabon da ke toshe shi. Na tuna yadda Yaya ke sayen ƙwaya a ɓoye tun yana saurayi, ya sha kwana biyu ya watsar.

Na same shi shi kaɗai na ce, "Yaya, kai ma ka je a gwada ka, a yi muku magani tare, in ba haka ba, za ka sake sa mata." Ya ɗaga kai ya ce, "Ni kike faɗa wa haka?" Na ce masa ni ce na riƙe Auta ranar da ya mare ta. Bai ce uffan ba. Sai bayan sati uku ya zo ɗakin awo da hula a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar ina ake kai fitsari.

Mako mai zuwa zan koma kan Auta da ɗanta.