Yadda na koyi lissafin kuɗin satina bayan an cire na ɓarna

A sati na uku da fara koyon aiki a wurin sayar da faranti da kofunan tangaran, na ga an rubuta faranti 7 a gaban sunana a littafin ɓarna. Na yi lissafi a kai: ladan yini 1,200 sau kwana 6, ya kama 7,200. Faranti ɗaya 450 muke sayarwa, bakwai ke nan 3,150. Sai na sa rai da 4,050.

Da maigida ya zaunar da ni, ya ce, "Yaro, ɗauko biro, wannan ba lissafin ka ba ne." Ashe daga tushe na kuskure. Ranar Laraba rabin yini na yi, don haka kwana 5 da rabi ne, wato 6,600.

A wurin ɓarnar ne aikin yake. Yarjejeniyarmu ita ce a biya kuɗin sari, ba kuɗin sayarwa ba, domin abin da shago ya rasa shi ne abin da ya kashe wajen sayen kayan. Kwali mai faranti 24 an saro shi 7,200, sai a raba, kowane ɗaya ya tashi 300. Ni kuwa na ɗora wa kaina 450.

Sannan ba duka bakwai ɗin ne nawa ba. Biyu a fashe suka zo. Ranar da aka buɗe kwalin an tarar da gutsattsarinsu a cikin takardar naɗi, aka rubuta nan take. Da an bari sai an jera kaya a kanta, da babu mai iya raba fashewar hanya da ta hannu, kuma a kaina za ta faɗa. Huɗu sun zube ne muna sauke kaya mu biyu, 1,200 ke nan, aka raba, nawa 600. Na ƙarshen ni kaɗai na ɓantare masa baki, amma bai tashi aiki ba, an sayar da shi 200. Giɓin da ke tsakaninsa da sari kawai na biya, 100. Ɓarnata duka 700.

Abin da na manta ɗungurungum shi ne 1,000 da na karɓa ranar Talata kafin sati ya cika. Irin wannan mantuwar ce ke sa yaro ya ga kamar an cuce shi, alhali shi ya ci kuɗinsa tun da wuri.

Daga 6,600 aka cire 700, saura 5,900, aka cire 1,000, na karɓi 4,900. Kafin in tashi maigida ya sa na mayar da lissafin baya: 4,900 da 1,000 da 700 dole su koma 6,600, in ba su koma ba akwai kuskure.

Yanzu duk abin da ya fashe, a ranar nake rubuta kwanan wata, guda nawa, kuɗin sarinsa, da wanda muke riƙe da kayan tare.