Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Allon Hotunan Khalifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin na tsaya a inda mai adaidaitan da ke kai yara makaranta ya gaji da jira ya tafi ya bar mu, Khalifa na kwance a tsakar gida yana birgima da yunifom ƙafa ɗaya takalmi ƙafa ɗaya babu, ni kuma ina tsaye da kwandon abincinsa hawaye na zubo min. Lokacin shekararsa 5.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne yaron nan ba wanka ya tsana ba, ba kuma makaranta ba. In ya shiga ruwa sai an yi rigima kafin ya fito, in ya je makaranta malamarsu ta ce lafiya lau yake wuni. Tashi daga abu ɗaya zuwa wani shi ne tashin hankalinsa. Yana jera murafun lemo a ƙasa, ki ce Khalifa zo ka yi wanka, shikenan kin ɓallo ruwa. Hajiyarsu takan ce sangarta ce kawai, ni ma har na fara yarda, na yi tsawa na yi lallashi na yi dukan da har yau nake nadamarsa, ba abin da ya canza.

Wata ƙawata da ke aiki da yara masu lalurar jinkirin magana ita ta zo gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi ta zauna ta ga yadda muke yi da la'asar, sai ta ce, "Maman Khalifa, ke kin san abin da zai biyo baya tun da safe, shi bai sani ba. Maganar baki da kin faɗa ta wuce, hoto kuwa yana nan, in ya manta zai koma ya duba." Ta ce in yi masa allo na hotuna, kowane aiki da hotonsa, a jere yadda ranar take tafiya.

Zumuɗi ya ɗebe ni, a daren na zauna na zaƙulo zane-zane masu kyau a waya har guda 14, tun daga tashi barci har kwanciya, washegari na kai shagon masu firintin aka buga min a takarda ɗaya na manna a bangon falo. Kwana huɗu yaron nan ko kallo bai ishe shi ba, rana ta biyar ya yage ta. Da na kira ƙawar tawa ina mita ta tambaye ni me ke cikin hoton wankan, na ce wani yaro ne a kwance cikin bahon Turawa da kumfa. Ta ce to Khalifa ya taɓa ganin wanka irin wannan? Wallahi sai na yi shiru. Mu bokiti ne da kofi da soso. Kuma guda 14 sun yi wa idonsa yawa, ga shi ba abin da yake nuna masa wanne aka gama wanne ya rage.

Sai muka sake daga farko, safiya kaɗai muka ɗauka tunda nan ne wutar ta fi ci, kati biyar: fo, wanka, yunifom, shayi da burodi, adaidaita. Kowanne na ɗauki hoton abinmu na gida da wayata. Bokitinsa shuɗi, kofinsa na shayi, yunifom ɗinsa a shimfiɗe, har adaidaitan na roƙi mai shi na ɗauka a ƙofar gida. Nan ma na yi kuskure ɗaya, hoton bokitin ashe ƙwallonsa ta fito a gefe, da na nuna masa sai ya ce "bal". Dole na shimfiɗa farin zani na ɗora bokitin shi kaɗai na sake ɗauka. Kafin ki kashe kuɗin bugawa ki gwada haka, ki nuna masa hoton a waya ki ce ɗauko min wannan, in ya ɗauko abin to ya gane. In yaro bai kai gane hoto ba tukuna, ƙawata ta ce abin kansa ake ba shi a hannu, soso na nufin wanka, cokali na nufin abinci, daga baya a koma hoto.

Aka buga min kowane kati kamar girman tafin hannuna aka yi musu laminatin saboda ruwa da cizo. Allon kuwa kwalin taliya ne na yanke na lulluɓe da farar takarda, na maƙala katunan a gefensa da abin maƙale kayan shanya, daga sama zuwa ƙasa. Da gangan na yi daga sama, yaron da a boko ake fara masa karatu daga hagu a islamiyya kuma daga dama, ban so in ƙara masa ruɗu. Na rataye shi daidai tsayin idonsa kusa da ƙofar ɗaki, a ƙasa na ajiye tsohuwar robar bota, ita ce gidan "an gama".

Wannan robar ita ce ta yi mana aikin. In ya gama wanka ba ni zan cire katin ba, shi zai cire da hannunsa ya jefa, sannan ya taɓa na gaba. Kwanakin farko ina tsayawa a bayansa in kama hannunsa mu cire tare, magana kaɗan, "wanka an gama, yanzu yunifom", ba dogon bayani. Kuma kafin kowane tashi ina ba shi sanarwa, in kai katin gabansa in ce saura kaɗan, in saita alam na minti biyar, in ta yi ƙara mu tafi wajen allo tare.

Kar wata ta ɗauka washegari aka daina kuka. Satin farko kukan ma kamar ƙaruwa ya yi, Abbansu ya ce anya wannan kwalin naki? Abin da na riƙa dubawa shi ne tsawon rigimar, ina rubutawa a bayan kalanda. Daga kusan rabin awa ta dawo minti goma, wajen sati na uku wata safiya ina kicin na ji ƙarar kati ya faɗa roba, na leƙo na gan shi tsaye ɗaure da tawul yana nuna hoton yunifom da yatsa yana jirana. Sai da na koma kicin na goge idona.

Wuri ɗaya ya ƙi daɗi, daga kallon katun zuwa wanka da yamma. Nan na gane laifin jerin ne, na sa abin da ya fi so kafin abin da yake gudu. Na juya su, na yi ɗan ƙaramin kwali mai gurbi biyu kawai, na sama wanka na ƙasa katun, in ce "fara wanka, sannan katun". Amma fa in kin sa a allo dole ki cika. Rannan ya yi wankansa tsaf ya zo ya zauna aka ɗauke wuta, wayata kuma ba caji, ranar mun ga tashin hankali, kwana biyu ya ƙi taɓa allon. Tun daga nan ba na sa katin katun sai na tabbatar da caji, kuma na yi wani jan kati na "yau an canza" da nake ɗorawa a kan abin da ba zai yiwu ba, in sa madadinsa a gefe. Sai da na fara koya masa shi da canji mai daɗi, kamar a cire barcin rana a sa zuwa gidan Hajiya, don kar ya riƙa ganin jan katin gabansa na faɗuwa. Alhamis da Juma'a da ba islamiyya tun dare nake cire katin allon islamiyya da jakarsa.

Sai da safiya ta zauna sosai, wajen wata biyu, sannan na yi na yamma daga la'asar zuwa isha'i. Ana cikin haka Hajiya ta aiko cewa bikin ƙanwar Abbansu ya matso, kwana uku za mu yi a gidanta a cikin gari, gida cike da mutane, ba bokitinsa ba ƙofar ɗakinsa. Na tsaya ina kallon kwalin nan a bango ina tunanin ta yaya zan tafi da shi. Yadda muka kwashe a gidan biki sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.