Gahawa ba ta sauke maye, na gani da idona

Lokacin da nake koyon kanikanci a Jos, wani daren hunturu abokin zamana ya dawo ɗaki a buge. Manyan kwalaben giya huɗu ya sha. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, amma na sha jin yadda ake "warware" mutum. Na ruga wajen mai shayi aka haɗa mini gahawa baƙa wuluk, na ɗura masa, na ja shi banɗaki na sheƙa masa bokitin ruwan sanyi, sannan na zaunar da shi a ƙofar gida ya sha iska. Ido ya buɗe tar, har yana tsokanata. Da ya ce zai kai saƙo Bukuru, ni da hannuna na miƙa masa makullin babur. Bai yi nisa ba ya afka kwalbati, ya karye a hannu.

Ƙannena, ga abin da ban sani ba a daren nan. Maye a cikin jini yake, kuma hanta ce ke ƙona kusan duka barasar, fiye da kashi 90 cikin 100. Abin da ke fita ta numfashi da gumi da fitsari kaɗan ne. Ita kuwa hanta tamkar injin niƙa ne mai gudu ɗaya tal: ko buhu nawa ka jibge masa, gudunsa ba ya ƙaruwa. A awa guda tana cinye abin da bai wuce giram 7 zuwa 10 na zallar barasa ba. Babbar kwalba mai santilita 60 tana ɗauke da kusan giram 24. Kwalba huɗu ke nan giram 96, aikin awa goma ko fiye. Ni kuma a minti talatin na sallame shi.

Gahawa barci kawai take korewa. Ba ta taɓa barasar da ke jini ba, don haka hannunsa na nan da nauyi wajen kama birki, sai dai yanzu yana jin kansa garau. Da na bar shi da magaginsa, da kwanciya zai yi. Ruwan sanyi ma firgita ce ta ɗan lokaci, kuma yana da nasa sharrin, domin barasa na buɗe jijiyoyin fata, zafin jiki ya yi ta zurarewa. A sanyin Jos kuwa! Iska ko ba sai an faɗa ba.

Wani abin kuma, barasar da ke ciki ba ta gama shiga jini ba, sai mutum ya ƙara buguwa bayan ya ajiye kwalba. Saboda haka ka ɓoye makulli, ka kwantar da shi ta gefe, kada rigingine, don kada amai ya shaƙe shi. Ka rufa masa bargo, ka zauna kusa. In ka jijjiga shi bai farka ba, ko numfashinsa ya gaza takwas a minti, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, kada ka tsaya jin kunyar abin da maƙwabta za su ce, a nemi mota sai asibiti.