Ayar gado da jan launi a kundina

Kundin digirina na biyu a kan rabon gado ne a birnin Kano. Ranar da aka saka shi a Turnitin, manhajar da ke auna kamannin rubutu da na wasu, sakamakon ya fito kashi 34 cikin ɗari, babi na biyu kuwa ya yi jawur. Mai shagon kwamfutar da ke buga min aiki a Ƙofar Nasarawa ya ce abu ne mai sauƙi, in sassauya kalmomin wuraren da suka yi ja. Na duba, ashe ja na farko fassarar aya ta 11 ce ta Suratun Nisa'i. Wa zai taɓa wannan?

Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya ce, "Malama, na'urar nan kamanni take nunawa, ba ta san sata ba. Ayar da ɗalibai da yawa suka kawo, dole ta yi ja." Ya danna `Exclude quotes` da `Exclude bibliography`, matatun da ke cire abin da ke cikin alamar zance da jerin manazarta daga lissafi, adadin ya sauko 19, amma ayoyin suna nan da launinsu.

Laifina ne. Na karkatar da rubutun ayoyin don su yi kyau a ido, ban sa musu alamar zance ba, ban kuma faɗi fassarar wa na ɗauka ba. Larabcin aya ɗaya ne ko'ina, sura da lamba sun wadatar. Fassara kuwa aikin mutum ce. Tawa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ce, don haka sai da na rubuta sunansa. Gajerun na sa su cikin alamar zance. Waɗanda suka kai kalma 40 na ware su a sakin layi mai shiga ciki, yadda tsarin kawo madogara na APA ya tanada.

Inda na ji kunya shi ne sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, mai bayanin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Na kwafo shi da Turanci, na sauya kalma biyu, na bar shi kamar maganata. Malam ya ce wannan ya fi ayoyin muni, domin bai zama lafazin doka ba, bai kuma zama nawa ba. Na mayar da shi yadda yake, da ƙaramin sashe, 277(2)(c), inda aka ambaci gado da wasiyya, na biyo da Hausarsa na rubuta "fassarata".

Karin magana bai ba ni wahala ba. "Zumunta a ƙafa take" ba ta da mai ita, alamar zance ta ishe ta. Bayanin da wata dattijuwa a Yakasai ta yi min a kanta ne na jingina ga hirarmu, da ranar da muka yi ta.

Da aka sake sakawa, da waɗancan matatun biyu, ya tsaya a 11. Malam ya bi ragowar ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sunayen surori ne da na kotuna, ya sa hannu.